Ƙarfen Saje da Lomar Baba

Da faɗin yatsa ɗaya aka kore ni daga layin ɗaukar 'yan sanda a Funtua. Tsawo na kai har na yi rara, karatu da rubutu na iya tun a makarantar mishan, ido lafiya, haƙori lafiya. Sai aka ce kowa ya tuɓe riga. Wani kofur ya zagaya ƙirjina da tef ɗin awo, ya ce in ja numfashi. Na ja har na ga duhu-duhu. Ya duba, ya ce in ƙara. Na ce babu saura, ranka ya daɗe. Sufeton da ke zaune a kan tebur ya dube ni da ɗan tausayi, ya ce za su zaga garuruwa su dawo nan bayan wata guda don cike gurbi, in na samo abin da ya rage in zo. Bai faɗi inda ake samowa ba.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, ina da shekara goma sha tara, kuma duk ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi babu wanda ya kai ni rama. Yara in sun ga iska ta taso sai su ce a riƙe ni. Ni ne babba a gida, da ƙanne maza biyu, gona kuwa guda ɗaya ce, wadda ba ta rabuwa uku ta ciyar da kowa. Ba wanda ya taɓa faɗa, amma duk mun san dole ɗayanmu ya fita neman abinci a waje, kuma ni ne mai takarda. Shi ya sa a motar komowa na zauna kan buhunan gishiri ina jin kamar in yi kuka, kunyar fasinjoji ce kawai ta hana ni.

Wani ɗan kamasho a tasha ne ya ce in je wurin Saje. Tsohon soja ne da ya yi aikin horar da kurata a bariki, ya yi ritaya ya kama gadin rumfar sayen auduga a Malumfashi. Da damina babu auduga, rumfar fayau take, sai ya mai da kusurwa ɗaya wurin ɗaga ƙarfe. Shi da bakinsa na soja yana ce wa wurin jim, mutanen gari kuwa ɗakin ƙarfe suke cewa. Akwai benci na katako, da dogon bututun ƙarfe, da gwangwanaye manya da ƙanana da ya cika da siminti ya huda tsakiyarsu don a zura a bututun, da duwatsun sikelin auduga, sai wani ƙarfe da ya gitta a sama tsakanin ginshiƙai biyu.

Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Gajere ne mai kauri, gemunsa fari, yana ɗingishi kaɗan. Ya zagaya ni sau ɗaya kamar mai taya akuya.

"A gidanku ana dafa abinci kuwa?"

"Ana dafawa, Baba Saje."

"To kai a ina kake in an sauke?"

Ya yi dariyarsa ya gama, ya ɗauko wata igiyar rama, ya auna ni, ya ƙulla ƙulli a inda na tsaya, ya ƙulla wani a inda ake so in kai. Tsakaninsu ɗan kaɗan ne, abin haushi. Ya rataye igiyar a ƙusa.

"Saurara, yaro. Sati huɗu ba ya mai da mutum ƙato, duk wanda ya ce maka haka ƙarya yake. Ƙarfi ne ke fara zuwa, tsoka tana biyo baya a hankali. Amma yatsa ɗaya, ga mutumin da bai taɓa ɗaga komai ba, yana yiwuwa. Sharaɗina uku: ka zo ranar da na ce, ka huta ranar da na ce, ka ci abinci kamar ba a sonka."

Tsarin nasa ba shi da yawa. Litinin, Laraba da Juma'a da safe, sauran kwanakin hutu. Na ce ai lokaci ya ƙure, me zai hana in riƙa zuwa kullum? Ya ce haka duk 'ya'yan manoma ke cewa, sun ɗauka jiki gona ne da ake shiga kowace safiya. Ƙarfe ba ya gina tsoka, gajiyar da ita yake yi, sai an ci an yi barci take sake ginuwa ta fi da. Aka kuma yi sa'a an gama huɗa, aikin gona ya yi sauƙi, ana jiran gero ya nuna.

Satin farko bai bar ni na taɓa gwangwani ko ɗaya ba. Sai in ɗan yi tsalle-tsalle da juya kafaɗu har gumi ya tsatso, sannan in ɗauki bututun haka nan, babu kaya. In ɗora shi a bayan kafaɗa in tsuguna har cinyoyina su kwanta daidai, dugadugai a ƙasa, in miƙe. In kwanta a benci in sauke shi a ƙirji in tura sama, Saje na tsaye a kaina da hannuwa a shirye. In sunkuya, baya a miƙe, in jawo shi zuwa cibiya. In tsaya in tura shi sama da kai. In ɗago shi daga ƙasa da ƙarfin ƙafa da ƙugu. Kowanne sau takwas zuwa goma, in huta numfashi ya dawo, in sake, har zagaye uku. A ƙarshe in kama ƙarfen sama in ja kaina. Ranar farko na rataye kawai kamar wanki, ko motsi ban yi ba. Sai ya sa na hau benci na fara daga sama, in riƙa saukowa a hankali.

Yana riƙe da wata 'yar tsumagiya, ba don duka ba. Da bayana ya fara lanƙwasa sai in ji ta a gadon bayana. "Miƙe! Wannan ba noma ba ne." Numfashi ma sai da ya koya mini: in ja kafin in sauka, in fitar in na tura.

Kashegari jikina ya yi tsami, jibi kuwa ya fi muni. Tsugunawa a bayan gida sai da na dafa bango. Ƙannena suka samu abin dariya, suna bin bayana suna kwaikwayon tafiyata. Na gaya wa Saje, ya ce tsamin tsoka ba komai, zai wuce, amma in na ji suka a cikin gaɓa in ajiye ƙarfe nan take in faɗa masa.

Sati na biyu aka zura ƙananan gwangwanaye. Dokarsa ita ce, duk abin da na yi sau goma a zagaye ukun ba tare da na karkace ba, zuwa na gaba a ƙara masa nauyi kaɗan, kaɗan ƙwarai. Ƙarfi kuwa ya zo kamar yadda ya faɗa. A Juma'ar satin na ja kaina har haɓata ta wuce ƙarfen sama, sau ɗaya, na diro ina washe baki. Saje ya sauko da igiya ya auna. Ƙullin farko yana nan daidai inda yake. Ya latsa haƙarƙarina da yatsa, ya ɓata fuska.

"Me kake ci?"

"Tuwo, da safe koko ko ɗumame."

"Kana ƙoshi?"

"Ina ƙoshi, Baba Saje."

Ya mai da igiyar kan ƙusa. Ranar Asabar da yamma sai ga shi a ƙofar gidanmu a kan tsohon kekensa.

Dole in faɗi yadda muke da mahaifina. Baba yana cikin waɗanda suka fara shiga majami'a a ƙauyenmu, ya bar abubuwa da yawa na kakanni, amma bai bar kunyar ɗan fari ba. Bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wannan", in yana magana da Inna kuwa "yaron nan". Ba ya yabona, ba ya tambayar lafiyata kai tsaye, in zai ba ni saƙo sai ya dubi bango ya faɗa. Inna ma haka, don ni ne na farinta. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Amma in ya ɗora autanmu a cinya yana masa wasa, nakan kau da kai.

Tuwon dare kuwa a zaure muke ci, mu huɗu a akushi ɗaya, bayan faɗuwar rana, ba a kunna fitila don kananzir na ranar larura ne. Baba ya yi addu'a, ya fara sa hannu. Kowa ya ci gabansa, kai a sunkuye, ba a kallon fuskar babba yana cin abinci. In Baba ya tsame hannu, ni ma sai in ƙara loma ɗaya in tsame, a bar wa yara sauran. Ba wanda ya kafa mini wannan doka. Ina ganin abin kunya ne kawai a ce uba ya tashi, ƙaton saurayi yana zaune yana kokawa da ƙannensa a kan tuwo. Ga shi lokacin rumbu ya kusa ƙasa, malmalar da Inna ke kwasowa ta fara ƙanƙancewa.

Saje ya iso ana fito da akushi. Baba ya yi masa maraba, ya ce bismillah. Saje ya sa albarka da loma biyu, ya ce ya ci daga gida, ya koma gefen tabarma yana jan carbinsa. Muka ci, Baba ya tsame hannu, na tsame. Bayan Saje ya yi sallarsa a ƙofar gida, suka zauna da Baba a gindin ɗorawa. Ina ɗaure akuyoyi na ji Saje yana cewa:

"Maigida, yaronka yana da zuciya, ƙarfe kuma ya karɓe shi. Amma abin da yake ci ko ɗan tsako ba zai ƙara wa nauyi ba. In bai ninka ba, wahalar banza muke yi. Wake, gyaɗa, nono, ƙwai, duk abin da ya samu, da tuwo mai yawa a kai."

Baba ya ce, "Na ji, Saje. Allah ya saka da alheri." Daga nan ya koma zancen ruwan bana.

Inna ce ta fara. Da safe sai in tarar da ƙwarya a kan katangar madafa, da dafaffen ƙwan zabi a ciki, ko ƙuli-ƙuli, ko nonon da ta karɓa wurin matan Fulani. Ba ta ce nawa ne. Sai ta ɗaga murya tana shara, "Wani ya bar abu a nan, in ba mai ci kaji za su ɓata shi." Ni kuma in ɗauka in tafi bayan rumbu.

Baba kuwa ya yi nasa lissafin, ya kuskure. Ranar Lahadi da yamma ya ci loma kaɗan ya tsame hannu, ya ce cikinsa ba daɗi. Ni ma na tsame. Litinin haka, Talata haka. Shi yana tashi da yunwa don ya bar mini, ni ina bin bayansa da yunwa don kunya, ƙannena biyu suna tashi da tumbi yana ƙyalli, suna mamakin wannan arziki da ya faɗo musu. Ranar Laraba a ɗakin ƙarfe na tsuguna da kaya na kasa miƙewa, sai da Saje ya cire mini bututun. Na dawo gida ina jan ƙafa, Baba yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya bi ni da ido har na shige.

Daga wannan dare cikin Baba ya warke. Ya zauna a gaban akushi ya ƙi tashi. Hannunsa na zuwa yana komowa, ina jin taunarsa, ina jiran ya tsame, bai tsame ba. Tunda yana ci, ni ma na ci gaba. Abin da na lura da shi kawai, gabana ba ya ƙarewa. In na cinye sai in ji tuwo ya gangaro, na ɗauka malmala ce ke rushewa. Ranar na tashi da ƙyar, na san ashe abin da nake kira ƙoshi a da ba shi ba ne. Haka muka riƙa yi kowane dare. Na yi murna a raina, na ce Baba ya samu lafiya.

Sati na uku ya ƙare da kyau, na huɗu ya fi shi. Aka canza ƙananan gwangwanaye da matsakaita. Saje ya ƙara mini zagaye na huɗu a turawar benci da jawowa, ya ce awon ƙirji ba gaba kaɗai yake kamawa ba, har da faɗin baya, kuma bayan ya fi saurin cika. Ya hana ni tafiyar ƙasa mai nisa ranar hutu, ya ce in yi ƙananan ayyukan gida in kwanta da wuri. Jan kai sama ya kai huɗu. Rigata ta fara kama ni a kafaɗa, ko kuwa ni ne nake so ta kama, ban sani ba. A zuwan ƙarshe ya rage kayan da kansa, ya ce ba a zuwa awo da gajiya. Ya koya mini tsayuwa: kafaɗu baya, haɓa daidai, numfashi ya cika haƙarƙari, kada in kumbura ciki.

Sannan ya sauko da igiya. Ta zagayo, bakinta ya taɓa ƙulli na biyu, ya tsaya nan, ko gashi bai wuce ba.

"Ka kai," in ji shi. "Da ƙyar. Kada ka yi atishawa a hanya."

A Funtua kofur ɗin nan ne dai. Ya gane ni, ya ce, "Kai ne kuma?" Na tuɓe riga, na tsaya yadda aka koya mini, na ja numfashi. Ya duba tef, ya sake dubawa, ya ce wa Sufeto ya cika. Aka ce in koma gida in shirya, bayan 'yan kwanaki mu hau jirgi zuwa makarantar horo a Kaduna. Na biya ta rumfar auduga na faɗa wa Saje. Ya ce madalla, ya ce kada in bar ƙarfe, sati huɗun nan buɗe ƙofa ne kawai. Ya ƙara da cewa in gaida maigida, in ce masa shi Saje ya sara masa. Na ɗauka gaisuwar tsofaffi ce.

Na isa gida da yamma. Na durƙusa a zaure na ce an ɗauke ni. Baba ya dubi bango ya ce, "To. An gode Allah." A cikin gida na ji Inna ta saki guɗa rabi, ta tuna ko ɗan waye, ta haɗiye sauran. Amma da aka fito da tuwo sai ta aiko auta da fitila a kunne, abin da ba a yi sai Kirsimeti.

Baba ya yi addu'a, ta fi ta kullum tsawo, muka sa hannu. Fitilar na gefen akushi, haskenta ya sauka daidai kan hannuwanmu. A nan na gani. Baba yakan kai hannu ya dunƙule kamar ya ɗebo babbar loma, amma abin da ke tsakanin yatsunsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya mulmula, ya mulmula, ya dangwali miya, ya kai baki, ya yi ta tauna. In hannun ya komo, sai ya sa gefen tafinsa ya ture tuwon gabansa zuwa gabana. Ya ƙware, ko sauti babu. Na bi hannun da ido zuwa sama. Wuyan hannunsa ya zama ƙashi, jijiyoyi duk sun fito. Na ɗaga kai, abin da ban taɓa yi ba a gaban akushi. Kumatunsa sun faɗa, mazagin wandonsa da ya leƙo ta ƙasan riga ya yi rara har yana taɓa tabarma. Mutumin da ke wuni a gona, sati biyu da 'yan kai yana kwana a kan wannan.

Na daina tauna. Ƙaunarsa da tausayinsa suka cika mini ƙirjin nan da aka auna ɗazu, ban san inda zan sa su ba, don a gidanmu babu kalmar da ɗan fari zai faɗa wa ubansa a kan irin wannan. Sai na sa gefen hannuna na tura tuwon ya koma gabansa. Ya turo. Na sake turawa. Yara suka daina ci suna kallonmu.

Baba ya gyara zama, ya dubi bango.

"Tun ba a sa kaki ba, har an fara kallon fuskar manya."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, an riga an auna."

"A Kaduna ma suna da abin awo," in ji shi. Ya turo tuwon a karo na uku, wannan karon a fili, kowa na gani. "Gero ya kusa. Ni ina nan, zan ci sabo. Kai, ci."

Na ci. Hawaye na sauka a bayan hannuna, na bar su, na ci gaba da kai loma. Shi kuma ya zauna yana mulmula 'yar ƙwayarsa yana jira, bai tsame hannu ba sai da ya ga gabana ya ƙare.